Rago ɗaya zai ishi taron suna na mutum 150?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Litinin da hantsi, Hanif ya samu ƙanwa. Suna Litinin mai zuwa in sha Allah. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar dabbobi. Sunan Hanif a gida aka yi, mahaifina ne ya sayi rago ya yi komai, ni dai na ga nama a faranti. Wannan karon abin a wuyana yake. Mun ƙiyasta maza da mata za su kai 150. Wani dillali a unguwarmu ya nuna min rago ɗan ƙasa, ya ce dubu 190, ya kuma rantse min zai ishi mutum 200 har a yi saura. Wani abokina kuma ya ce in bar rago in sayi taure biyu a dubu 85 kowanne. Jibi Juma'a zan shiga Wudil. Yaya ake gane yawan naman da ke jikin dabba tun tana tsaye?

Maman Ilham: Masha Allah, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Amma dillalin nan naka ya taɓa tsayawa a bakin kasko kuwa? Mutum 200!

Injiniya: Allah ya raya. Lissafin ba wuya. Rabin nauyin dabba shi ne nama. In ragon ya kai kilo 40, kana da kilo 20. Ka ba kowa giram 100, mutum 200 ke nan cif. Dillalin bai yi ƙarya ba.

Ɗan Rundawa: Injiniya, ranka ya daɗe, lissafinka ya fita a takarda amma ba zai fita a kan tabarma ba. Ni a gidan fawa aka haife ni, tun ina riƙe wa babana ƙafa in yana fiɗa. Bari in kwance maka ragon kilo 40 ɗin nan ka ga inda kowane abu yake tafiya.

Abu na farko, abin da ke cikin tumbi da hanji, wato ciyawar da ya ci da ruwan da ya sha, yakan kai kilo 6 zuwa 7. Wannan bola za a kai shi. Jini kusan kilo 2. Fata 3 zuwa 4. Kai da ƙaho kusan 3, ƙafafu huɗu kamar kilo 1. Kayan ciki in an wanke su tas, hanta da huhu da zuciya da tumbi da hanji da kitsen da ke lulluɓe da su, ka sa 4 zuwa 5. Abin da zai rage a rataye, wato gangar jikin, kilo 18 ne ko ɗan fiye. In rago ya sha turke sosai yakan kai rabin nauyinsa, to nan maganarka ta yi daidai. Amma ragon kiwo da aka koro daga daji, wani ma kashi 40 cikin 100 zai ba ka.

Kuma kilo 18 ɗin nan ba tsoka ba ce zalla. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ƙashi ne. Ka cire kitsen da za a yanke da jijiya, tsokar da mutum zai tauna ba za ta wuce kilo 11 zuwa 12 ba. Ita ma ɗanya ke nan, wuta ba ta taɓa ta ba tukuna.

Injiniya: To ai ko kilo 12 ɗin ne, in ka raba wa 150 kowa zai samu giram 80. Bai yi laifi ba.

Hajiya Mai Kula: Ɗana Injiniya, wa ya taɓa raba nama da giram a gidan suna? Yanka ake ƙirgawa. Ni sana'ata ke nan, girkin biki da suna, na fi shekara goma sha biyar a ciki, kuma kafin in karɓi aiki sai na ga naman da idona.

Ga yadda nake yi. Naman rago da ƙashinsa, in mahauci ya sara shi yankan mutunci, wanda in an buɗe roba ba za a yi tsaki ba, kilo ɗaya yana ba da yanka 14 zuwa 16. Ka riƙe 15. Kada ka ce a yi ƙanana don su yi yawa, domin sai an tafasa sannan a soya, kuma tsoka tana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta tsakanin tukunya da kasko. Yankan da ka gani ɗanye kamar ƙwan kaza, in ya fito daga mai ya koma kamar goro. Wanda kuwa tun farko kamar goro aka yanka shi, sai dai a neme shi a cikin shinkafa.

To a cikin kilo 18 na Ɗan Rundawa, cire kilo 2 na kitse da tarkace, saura 16. Sau 15, yanka 240. In yanka bibbiyu za ka sa, mutum 120. In ɗaiɗai ne, 240, wato maganar dillalinka ta mutum 200 ba ƙarya ba ce tsagwaronta, sai dai bai gaya maka cewa yanka ɗaya yake nufi ba, kuma wani ƙashin wuya zai samu.

Baban Hanif: Hajiya na gode ƙwarai. Ke nan in na yi ɗaiɗai ya isa har da saura?

Hajiya Mai Kula: Tsaya tukuna, ban gama ba. 240 ɗin nan in ragon gaba ɗaya ya shiga kasko ke nan, kuma ragon suna bai taɓa shiga kasko gaba ɗaya ba. Ka tambayi iyayenka mata me ake fitarwa a gidanku. A wasu gidajen cinya guda sukutum gidan surukai take tafiya. Akwai rabon ungozoma, akwai na wanzami in kuna yi, akwai maƙwabta da ake aika wa ɗanye, ga mai jego da za a ajiye wa nata. Cinya ɗaya ta irin wannan ragon kilo 3 ce, yanka 45 sun tafi, kuma su ne masu tsoka. Abin da ya rage maka haƙarƙari da wuya da karfata sun fi yawa a ciki.

Sannan akwai harajin bakin murhu. Kowace mai suya sai ta ɗanɗana gishiri, yara suna zagaye, wata gwaggo za ta ƙulle biyar a gefen zani ta kai wa jikanta. Ban taɓa yin aikin da yanka 15 zuwa 20 ba su ɓace a nan ba. Ka dawo 170 da ɗoriya. Mutum 150 ɗin da ka ƙirga kuwa, waɗanda ka sani ne. Mata ba sa zuwa suna su kaɗai.

Maman Ilham: Wallahi gaskiya Hajiya. Ni sunan Ilham roba 100 muka yi, kafin la'asar sun ƙare, ƙawayena na makaranta shinkafa da miya kawai suka ci. Har yau ana min gori.

Sarkin Yaƙi: Shawarata ka haƙura sai bayan Babbar Sallah da sati biyu, lokacin dabbobi suke faɗuwa warwas. Waɗanda suka yi kwantai masu su neman kai suke da su. Ni haka nake yi duk shekara.

Maman Ilham: Sarkin Yaƙi, suna fa aka ce, ranar Litinin. Jaririyar za ta jira Sallah ne?

Sarkin Yaƙi: Au, afuwan, ban karanta daga sama ba. Allah ya raya.

Baban Hanif: Amin. To Ɗan Rundawa, duk lissafin nan a kan kilo 40 aka gina shi. Ni yaya zan san ragon kilo 40 ne? A kara ban taɓa ganin ana auna dabba ba.

Ɗan Rundawa: Ba a aunawa, da ido da hannu ake ciniki, shi ya sa wanda bai saba ba yake shan kashi. Amma ba abin da ya hana ka aunawa. Masu sayar da hatsi suna da sikelin ratayawa. A sa ragon a buhu ko a ɗaure shi da igiya ta ƙirji da ciki a ɗaga, minti ɗaya an gama. Ko sikelin da ake hawa a gida: ka hau kai kaɗai, ka sake hawa rungume da shi, ka debe. In mai rago ya ƙi a auna, ka ɗaga shi da hannunka. Ka san nauyin buhun siminti, kilo 50 ne. In ragon ya zo maka da sauƙi sosai a kan buhun siminti, ka san inda kake.

Dangi ma yana ba da haske. Ɗan ƙasa, farin nan mai baƙi a ido da baki, baligi yakan tsaya tsakanin kilo 30 da 45. Uda, mai rabi baƙi ko ja rabi fari, ya fi shi tsayi da nauyi. Balami ya fi su duka girma. Amma ka kula, uda dogayen ƙafafu gare shi da babban ƙashi. Sau da yawa mutum zai ga ya fi ɗan ƙasa tsayi da taƙi guda ya ɗauka ya fi nama, a feɗe a tarar ɗan ƙasan da ya sha turke ya ba shi ratar tsoka. Tsayi ba a soya shi, ƙaho ma haka.

Inda nama yake, hannu ne ke gaya maka. Ka ɗora tafinka a gadon bayansa, bayan haƙarƙari na ƙarshe, kafin ƙugu. Ka danna. In ka ji ƙashin baya yana sukar hannunka kamar bakin zarto, kuma yatsunka suna shiga ƙarƙashin ƙasusuwan gefe, ramamme ne ko da cikinsa ya kai randa. In ka ji wurin a cike, ƙashin sai ka danna sosai kafin ka ji shi, to akwai nama. Sannan ka kama gindin wutsiya, ka kama ƙirji tsakanin ƙafafun gaba, ka matsa cinya ta baya. Wurare huɗun nan ba sa ƙarya. Ciki kuwa shi ne babban maƙaryaci.

Na Zariya: Maganar ciki ta tuna min da abin da ya same ni bara. Na sayi rago na walimar saukar ƙanena, cikinsa dam, gashi yana sheƙi, ina ta murna na yi arha. Na ɗaure shi a gida ya kwana. Da asuba na fito na tarar da wurin jiƙe sharkaf, ragon ya zama wani daban, kwiɓinsa ya faɗa, ƙugu ya fito. Har na tambayi yara ko an canza min shi da dare. Da mahauci ya zo sai ya yi dariya, ya ce an ba shi dusa da kanwa da gishiri ne da sassafe, ya sha ruwa ya ƙoshi kafin a shigo da shi kasuwa. Gangar jikin ko kilo 13 ba ta kai ba. Dole na koma na sayo naman sa na cika.

Ɗan Rundawa: Tsohuwar dabara ce. Alamarta, cikin ya fi jikin, kuma in ka tura kwiɓin da hannu za ka ji ruwa yana motsi, dabbar tana yawan fitsari. Ba kowane mai dabba ke yi ba, kada a ɗauki alhakin mutane, amma ko ba a yi da gangan ba ragon da ya ƙoshi da safe ya fi na yamma nauyi da kilo 2 ko 3. Shi ya sa nake cewa a bar kallon ciki a taɓa baya.

Ka buɗe bakinsa kuma. Haƙoran gaba na ƙasa za ka duba. In duka ƙanana ne farare, na nono ne, bai cika shekara ba ko yana dab da ita. In manya biyu sun fito a tsakiya, ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. In takwas ɗin duka manya ne har sun fara cinyewa, tsoho ne, ya haura huɗu, namansa zai ci maka itace. Na taro, mai biyu ko mai huɗu ya fi. Wanda kuma yake majina, ko bayansa ya ɓaci da zawo, ko ya tsaya shi kaɗai kai a ƙasa, ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi gidan da ake jego.

Ɗan Maraɗi: Barka da arziki ɗan uwa. Ni ina bayan abokinka, ka sayi awaki. Mu nan jar akuya ita ce tamu, kuma duk wanda ya saba da naman taure ba ya waiwayar rago. Taure mai kilo 24 ko 25 zai ba ka gangar jiki kilo 10 zuwa 11. Biyu, kilo 21 ke nan ko fiye, a dubu 170. Ragonka kilo 18 a dubu 190. Raba ka gani: kilon rago ya haura dubu 10, na taure dubu 8 da kaɗan. Ga kai biyu, ƙafa takwas, hanta biyu. Kuma akuya ba ta tara kitse a bayanta kamar rago, nata a ciki yake taruwa, saboda haka abin da za a yanke a zubar kaɗan ne. Sai dai ka tabbata taure ne, ka duba da idonka. In aka haɗa ka da bunsuru, warin zai bi shinkafar har gidajen mutane.

Maman Ilham: Ɗan Maraɗi, a Kano fa yake. Ranar suna dangin mai jego su leƙo su ga awaki biyu a ɗaure? Sai an shekara ana zancen. Kuma akwai masu cewa naman akuya yana tayar musu da ciwo, ba za su ci ba.

Ɗan Maraɗi: Wannan kuma maganar ido ce ba ta ciki ba. Shi tambayarsa nama ne zai isa ko ba zai isa ba. Zancen tayar da ciwo kuwa, mu da muke cin sa kullum ga mu nan garau.

Hajiya Mai Kula: Lissafin Ɗan Maraɗi daidai ne ta wajen kuɗi, amma ni mai kasko ina da ƙorafi ɗaya. Ƙaramar dabba yankan ƙashi ya fi yawa a jikinta. Haƙarƙarin taure siriri ne, in ya soyu ba abin da ke kai sai fata-fata. Wuya biyu, ƙwauri takwas. Za ka samu yanka 300 a ƙirge, amma waɗanda zan iya sa wa babbar mace a roba ba tare da na haɗa mata da wani ba, ba su fi na ragon da yawa ba. Na yarda taure ya fi arha. Ban yarda ratar ta kai yadda alƙalami ya nuna ba.

Malam Ƙarami: Allah ya raya ta bisa sunna. Ƙarin bayani kaɗan ta ɓangaren addini, tunda yankan suna ne ba na biki ba. A Risala an ce a yanka wa abin haihuwa dabba ɗaya ranar bakwai, da sharuɗɗan shekaru da lafiya irin na layya. Akuya ta halatta in ta cika shekara ta shiga ta biyu, sai dai rago ya fi falala a wajen malamanmu. Saboda haka duba haƙoran nan da Ɗan Rundawa ya faɗa ba don taushin nama kaɗai ba ne. Na biyu, kada a biya mahauci da fata ko wuya, a ba shi ladansa da kuɗi, in an so a yi masa kyautar nama daban. Na uku, malaman Malikiyya sun karhanta a mayar da naman yankan suna walimar da ake kiran mutane, sun fi son a ci a gida, a aika wa maƙwabta da mabuƙata. Wanda yake son tara jama'a sai ya nemi wani naman na taro.

Injiniya: Malam, to ai duk garin nan da ragon suna ake ciyar da 'yan suna. Kowa ya yi kuskure ke nan?

Malam Ƙarami: Karhanci na ce, ban ce haramun ba, kuma wasu mazhabobin ba su ga laifinsa ba. Na faɗa ne don ya san akwai maganar.

Hajiya Mai Kula: Ni ba malama ba ce, amma maganar Malam ta zo daidai da abin da nake gaya wa masu ba ni aiki. Rago na suna ne, taro kuwa naman sa ke riƙe shi. Kilo ɗaya na tsokar sa marar ƙashi yana ba ni yanka 16 zuwa 18, kowanne nama ne, ba wanda zai buɗe roba ya tarar da ƙashi. Baban Hanif, maimakon ka ƙure kuɗinka a kan ƙaton rago don ya isa, sayi matsakaici mai lafiya, ka ware kuɗin kilo 5 ko 6 na sa. A kowace roba a sa yankan rago ɗaya mai ƙashi, na sa ɗaya. Ka tambayi kuɗin kilo a mahautar unguwarku ka gwada da dubu 10 ɗin da Ɗan Maraɗi ya fitar maka, za ka ga wanda ya fi sauƙi.

Kayan ciki kuma kada a soya su. Suya tana cinye su, hanji ya koma kamar zare. A yi farfesu, romo yana ƙara musu auki. Kilo 4 na kayan ciki da romo mai kyau zai ba maza 30 zuwa 40 ƙaramin kwano, da burodi ko waina, in an ɗan jefa ƙasusuwan wuya a ciki ma ya fi haka. Ka ga ka sauke nauyin maza daga kan soyayyen naman. Kai da ƙafa kuwa kada ka sa su a lissafi ko kaɗan, na mai jego ne.

Baban Hanif: Na fahimta. Tambaya ta ƙarshe, in na saya Juma'a zai kwana uku a gida. Me zan ba shi ya ɗan ƙara kafin Litinin?

Ɗan Rundawa: Kwana uku ba ya sa nama, kada ka wahalar da kanka. Abin da zai iya yi shi ne ya kashe maka rago. Mutane sukan tausaya wa dabba su zuba mata gero ko masara ko ragowar tuwo cike da kwano, alhali ba ta saba ba, cikin ya kumbura, kafin safe ana neman wuƙa da fitila. Ka ba shi harawa da ruwa mai tsabta, dusa ɗan kaɗan in ya saba da ita, ka ɗaure shi a inuwa. Daren Lahadi ka janye abincin ka bar masa ruwa kawai, fiɗa ta fi sauƙi kuma tumbi ba ya fashewa ya ɓata nama. In an sara kuma kada a tara naman da ɗuminsa a cikin roba a rufe, a baza shi ya sha iska. A zafin nan naman da aka tara da safe kafin azahar ya fara canza wari daga ƙasa.

Wajen ciniki, ka ji la'adar dillali nawa ce kuma wa zai biya tun kafin a sallama, ka haɗa da kuɗin mota da na mahauci. Su ma a kan kilon naman suke hawa.

Baban Hanif: Salam jama'a, na dawo da rahoto. An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan mahaifiyata. Na bi shawarar Hajiya da ta Ɗan Rundawa. A Wudil na bar wani uda dogo da ya ɗauki idona, da na danna bayansa ƙashi na ji. Na ɗauki ɗan ƙasa mai haƙora huɗu a dubu 175. A sikelin mai hatsi ya yi kilo 39 ranar Juma'a. Safiyar Litinin kafin yanka na sake aunawa a gida, 37. Gangar jiki ta yi kilo 17. Cinya ɗaya ta tafi gidan surukai kamar yadda Hajiya ta faɗa, ashe mu ma al'adarmu ce ban sani ba. An cire kitse, aka sara sauran, na tsaya aka ƙirga a gabana, yanka 181. Ungozoma da maƙwabta aka ɗebar musu 25 ɗanye. Na ƙara kilo 6 na sa, ya ba da 98. Maza sun sha farfesu, ya isa, har almajirai sun samu. Mata aka yi musu roba 120 da yanka bibbiyu. A lissafina ya kamata a samu saura 14, amma ko ɗaya ban gani ba, robobi uku na ƙarshe ma ɗaiɗai aka sa.

Injiniya: 17 cikin 37 ai kusan kashi 46 ne. Ban yi nisa da rabin da na faɗa ba.

Ɗan Rundawa: Ba ka yi nisa ba a kan ƙugiya, Injiniya. Amma mutum 200 ka ce, ga shi da ƙarin kilo 6 na sa ma 120 aka yi wa roba.

Ɗan Maraɗi: Da taure biyu ne da ba a sayi naman sa ba.

Hajiya Mai Kula: Da an saya, Ɗan Maraɗi, sai dai kilo 3 maimakon 6. Baban Hanif, 14 da 3, yanka 17 ke nan suka bi bakin murhu, na ce maka 15 zuwa 20. Robobin sun ishi matan kuwa?

Baban Hanif: Ina fa, Hajiya. Maiɗakin ta ce wajen mutum ashirin sun zo bayan an gama rabo, sai cikin wanda aka ajiye mata aka ɗiba aka ba su. Yanzu ta ce in sayo mata kilo biyu in biya ta.

Maman Ilham: Ka biya ta da na rago, kada ka kawo mata na sa ka ce duk ɗaya ne.